Yawan ba da haƙuri a saƙon ofis ya fara ja mini raini

Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciya ce a sashen lissafin kuɗi, kuma ni nake tattara takardun awannin ƙarin aiki daga shugabannin sassa shida kafin a haɗa albashi. Ba na iya tura saƙo ban fara da ban-haƙuri ba, ko da tuni kawai zan yi. Ga wanda na tura makon jiya: "Yallaɓai don Allah ka yi haƙuri da damunka da nake yi, na san aiki ya yi maka yawa. Dama cewa na yi ko zan iya samun takardar nan idan ba damuwa, amma in ba ka samu lokaci ba babu komai. A gafarce ni." Kwana huɗu bai amsa ba, albashi ya makara, kuma ni shugabata ta kira ta yi wa faɗa. Abokin aikina layi biyu yake rubutawa, a amsa masa a ranar. Ina tsoron in rage ba da haƙuri a ce na yi girman kai, don duk sun girme ni a shekaru da muƙami. Yaya zan yi?

Wata ma'aikaciya

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa.

Ki sake karanta saƙon naki, amma ki sa kanki a kujerar mutumin da ya karɓe shi, yana tsakanin taro biyu, wayarsa ta yi ƙara ya duba. Abin da waya ke nunawa a saman allo layi ɗaya ne ko biyu, kuma naki duk ban-haƙuri ne ya cinye su. Ko ya buɗe ya karanta har ƙarshe, ba zai ga sunan takardar ba, ba zai ga ta wane wata ce ba, ba zai ga ranar da ake buƙatarta ba, ba zai ga abin da zai lalace in ta makara ba. Abin da zai gani shi ne ja da baya har sau bakwai a cikin jimla uku, kuma ɗaya daga ciki izini ne ƙarara cewa in bai samu lokaci ba babu komai. To ya karɓi izinin. Wanda aiki goma ke jiransa yakan fara ne da wanda aka sa wa rana, ya bar wanda mai shi ma ya ce ba gaggawa.

Tushen matsalar shi ne kin haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne, wato ladabi da ɗaukar laifi. Gaisuwa, kiran mutum da laƙabinsa, "don Allah", "na gode", waɗannan ladabi ne. Suna ɗaga wanda ake wa magana, ba sa rage wa mai magana komai. Amma "ka yi haƙuri", "a gafarce ni", "afuwan" kalmomi ne na wanda ya ci bashi. Duk sanda kika rubuta su, kin shaida da hannunki cewa kin tauye wa mutumin wani abu, kuma yanzu shi ke bin ki. A wannan lamarin kuwa shi ake bi. Takardar haƙƙin ma'aikatansa ce, miƙa ta aikinsa ne, karɓarta aikinki ne. Da kika ba shi haƙuri sai kika juya lissafin: aikin da ya wajaba a kansa ya koma alfarma da zai yi miki in ya ga dama. Alfarma kuwa ba ta da ranar ƙarshe.

Akwai kuma wani nauyi da saƙo irin wannan ke ɗora wa mai karatu, wanda masu yawan ba da haƙuri ba su cika lura da shi ba. Saƙon da ya ce "ana buƙatar takarda kaza ranar Laraba" amsarsa kalma biyu ce, ko ma a haɗo takardar kawai. Saƙon da ya cika da neman gafara yana bukatar a fara lallashin mai shi, a ce "haba, ba komai, ba ki dame ni ba", sannan a zo kan aikin. Kin ba mutum aiki biyu a maimakon ɗaya, kuma na farkon shi ne wanda ya fi ƙyuyar yi. Sai ya ce bari in na natsu in amsa mata da kyau, natsuwar kuma ba ta zuwa.

Abu na uku shi ne wanda ya ja miki faɗa. Magana ta baki iska ce, rubutu kuwa yana nan. Ranar da albashi ya makara aka buɗe saƙonni don a ga inda gizo ke saƙa, abin da shugabarki za ta gani shi ne ke kina ba da haƙuri, shi kuma bai ce komai ba. Babu inda kika rubuta rana, balle a ce ya saɓa. A takarda, wanda ya nemi gafara shi ne mai laifi. Idan aka tara irin wannan wata shida, wanda bai san aikinki ba zai ɗauka ko kina yawan kuskure, ko ba ki da tabbacin abin da kike nema. Duka biyun suna hana a damƙa wa mutum jagoranci.

Kafin ki rubuta kalmar haƙuri, yi wa kanki tambaya biyu. Shin na yi wani abu da bai kamata ba, ko na bar wani abu da ya kamata in yi? Shin hakan ya jawo wa wannan mutumin asara ta lokaci, ko kuɗi, ko mutunci? Sai amsar duka biyun ta zama e, sannan haƙuri ya cancanta. Tuni kan aikin da lokacinsa ya yi ba laifi ba ne. Haka ma tambayar abin da ba ki gane ba, da amsa imel bayan awa uku ko washegari, da faɗin ra'ayin da ya saɓa da na wani a taro, da ɗaukar hutun da doka ta ba ki. Wani bincike da Karina Schumann da Michael Ross suka yi a Jami'ar Waterloo ta Kanada a 2010 ya taɓo daidai wannan wurin. Sun gano mata sun fi maza yawan ba da haƙuri, amma ba don maza na ƙin bayarwa idan sun san sun yi laifi ba. Bambancin yana wajen abin da kowa ke ƙirgawa a matsayin laifi: matan sun fi ganin ƙananan abubuwa a matsayin abin neman gafara. Wato gyaran ba a baki yake farawa ba, a mizani yake. Muddin kina ganin tuni a matsayin damun mutum, za ki goge "yi haƙuri" ki maye gurbinsa da wata kalmar mai irin aikinsa.

Yanzu mu sake gina saƙon. Saƙon neman abu a wurin aiki yana da gaɓoɓi biyar: gaisuwa ta layi ɗaya, abin da ake nema da cikakken sunansa, rana da lokaci, dalili a jimla ɗaya, sai godiya. A ce ana rufe lissafin albashi ranar 22 ga wata. Saƙon farko ya fita ranar 15, kamar haka:

"Barka da safiya, Yallaɓai. Don Allah ina buƙatar takardar awannin ƙarin aiki ta sashenku ta watan Maris zuwa ranar Laraba 20 ga wata, ƙarfe 12 na rana. Ranar 22 ake rufe lissafin albashi, kuma duk wadda ba ta iso ba sai wata mai zuwa za a biya ma'aikatanta. Na gode."

Ki duba, ina rashin kunya a nan? An gaishe shi, an kira shi da girmansa, an ce don Allah, an gode. Dattijon da ya girmi mahaifinki ma ba zai ga raini a ciki ba. Abin da aka cire kawai shi ne ƙasƙantar da kai. Ki lura kuma da yadda aka faɗi dalilin. Ba a ce "za a yi mini faɗa" ba, domin wannan roƙo ne na a tausaya miki. An ce ma'aikatansa ne ba za a biya ba, wanda shi ne gaskiyar lamarin, kuma shi ne abin da zai tayar da shi daga kujera. Sai dai sharaɗi ɗaya: sakamakon da za ki ambata ya zama na gaske, wanda tsarin ofishinku ya tanada. In kin yi barazana da abin da ba zai faru ba, sau ɗaya za a gwada ki a gane, daga nan kuma ranar da kika sa ta zama wasa. Ranar 20 da aka ba shi maimakon 22 ba wayo ba ne, kwana biyun na duba lissafi ne da gyara kuskure, kuma in ya tambaya haka za ki faɗa masa.

"Don Allah" sau ɗaya ya wadatar a saƙo. In ya kai uku ya tashi daga ladabi ya koma magiya.

Wurin da mutane suka fi zamewa shi ne tuni na biyu, domin a nan ne zuciya ke cewa ai na dame shi da yawa. Ki sa wa tunin tsari tun farko, don kada ya zama abin da kike yanke shawara a kansa kowane wata. Kwana ɗaya kafin wa'adi, a tura wa waɗanda ba su kawo ba kaɗai, a cikin zaren saƙon farko domin ya ga ranar da aka fara nema:

"Barka da rana, Yallaɓai. Tuni ne kan takardar awannin ƙarin aiki ta Maris, gobe Laraba ƙarfe 12 ne wa'adinta. Idan akwai abin da ya tsaya, a sanar da ni yau mu ga yadda za a yi."

Jimlar ƙarshen nan ita ce ke ɗauke da tausayin da kike son nunawa. Ta fi "na san aiki ya yi maka yawa" amfani nesa ba kusa ba, domin waccan uzuri take miƙa masa, wannan kuma taimako. Sau da yawa za ki tarar ba shi ne ya riƙe takardar ba, wani ne a ƙarƙashinsa bai sa hannu ba, kuma tambayar ce za ta fito da hakan.

In wa'adi ya wuce shiru, saƙo na uku ba na faɗa ba ne, na sanarwa ne: "Yallaɓai, takardar Maris ba ta iso ba zuwa ƙarfe 12 na yau. Zan iya karɓa har ƙarfe 10 na safiyar gobe. Bayan nan zan miƙa lissafin ba tare da ita ba, in sanar da shugabar sashenmu." Wannan ne saƙon da za ki sa shugabarki a kwafi, ba na farko ba. Sa shugaba a kwafi tun tunin farko kai ƙara ne, kuma mutane ba sa mantawa. Ya fi kyau ma ki zauna da ita tun kafin wata ya kama, ki nuna mata wannan tsarin na 15 da 19 da 20, ta amince da shi. Ƙarfin saƙon ƙaramin ma'aikaci zuwa ga manya daga nan yake fitowa: ba da sunanki kike magana ba, da sunan tsarin ofis kike yi. Kiran waya ko leƙawa ofishinsa tsakanin saƙo na biyu da na uku yana da kyau, musamman ga dattawan da suka fi daraja a zo a same su. Amma in kun yi magana, ki biyo da layi ɗaya a rubuce: "Kamar yadda muka yi magana, zan jira takardar gobe ƙarfe 10."

Ban da kalmar haƙuri kanta, akwai 'yan rakiyarta da ke yin ɓarna iri ɗaya a ɓoye. "Dama cewa na yi ko", "ban sani ba ko zai yiwu", "wataƙila ni ce ban gane ba", "ɗan tuni ne kawai", "ban san ko na yi daidai ba amma". Mafi muni ita ce rushe magana kafin a faɗe ta. Idan kin ga kuskure a lissafin wani kika rubuta "wataƙila ni ce na ruɗe, amma kamar jimillar ba ta yi daidai ba", kin ba shi damar ya yarda cewa ke ce kika ruɗe. Faɗi abin da kika gani da lambobinsa: "A shafi na 2 jimillar awanni 146 ce, amma da na haɗa layukan na samu 164. Don Allah a duba wanne ne daidai." Ba ki ce ya yi kuskure ba, ba ki ce ke kika yi ba. Lambobi biyu kika ajiye a gabansa. Inda kuma da gaske ba ki da tabbas, ki faɗi iyakar rashin tabbas ɗin sau ɗaya a wurinsa, misali "ban duba na makon ƙarshe ba tukuna", maimakon ki shafa shakka a kan saƙon gaba ɗaya.

Harshenmu yana da wani tarko na musamman a nan. "Yi haƙuri" tana aiki biyu: neman gafara, da kuma jajantawa ko rarrashi, kamar yadda ake ce wa wanda ya yi tuntuɓe. A baki, murya da fuska suna bambanta su. A rubuce babu wannan. Idan ma'aikaci ya rubuto yana ƙorafin ba a biya shi ƙarin awanninsa ba, alhali sashensa ne bai kawo takarda ba, kika amsa da "don Allah ka yi haƙuri, a gafarce mu", shi zai karanta cewa sashenku ya amsa laifi, kuma zai nuna wa wasu. Jajanta masa da kalmar da ba ta ɗaukar laifi, sannan ki ba shi bayani: "Na fahimci wannan ya takura ka. Takardar sashenku ta iso bayan an rufe lissafi, don haka za a haɗa kuɗin da albashin Afrilu." Wannan ya fi muhimmanci idan da mutanen waje kike magana, abokan ciniki ko 'yan kwangila, domin a can rubutaccen amsa laifi yana iya zama hujja a kan ma'aikatar baki ɗaya.

Duk wannan ba yana nufin ki daina ba da haƙuri ba. Ranar da kika yi kuskure na gaske, a ce kin tura wa banki tsohon jadawali, mutum uku suka samu kuɗin da bai cika ba, to haƙuri wajibi ne, kuma wanda ya kasa bayarwa a irin wannan ranar ya fi mai yawan bayarwa zubar da mutunci. Roy Lewicki na Jami'ar Jihar Ohio da abokan aikinsa sun wallafa bincike a 2016 kan sassa shida na ban-haƙuri. Wanda ya fi tasiri shi ne amsa laifi kai tsaye, sai tayin gyara ɓarnar. Wanda ya zo ƙarshe shi ne roƙon a yafe. Masu yawan ba da haƙuri kuwa a kife suke yi, roƙon yafiya ya cika saƙon, gyara ba ya ciki. Ga yadda ya kamata ya kasance:

"Hajiya, jadawalin da na tura banki jiya tsoho ne, don haka mutum uku sun samu albashin da bai cika ba. Kuskurena ne, a yi haƙuri. Na tura gyararren yau ƙarfe 9, na kuma sanar da su ukun. Daga yanzu zan riƙa sa kwanan wata a sunan kowane fayil, in duba shi kafin turawa."

Haƙuri ɗaya, a jimla ɗaya, an wuce zuwa gyara. Kada ki sake bayarwa da rana, ki sake washegari, ki sake in kun haɗu a baranda. Kowane maimaici yana dawo da kuskuren sabo a zuciyar wadda ta riga ta wuce wurin. Kuma a nan ne za ki ga ribar tsimi: in kin saba ba da haƙuri sau goma a yini, na ranar kuskuren gaske ba zai yi nauyi ba, don kunne ya riga ya saba.

Akwai shawarar da ake yawan bayarwa cewa a maye gurbin haƙuri da godiya, a ce "na gode da jiran da ka yi" maimakon "yi haƙuri na makara". Tana aiki a ƙananan abubuwa, kamar jinkirin yini ɗaya da bai cuci kowa ba. Amma in kin riƙe aikin mutum mako biyu har ya rasa wata dama, kika ce masa kin gode da jira, zai ji kamar kin raina masa hankali. A can haƙuri ne wurinsa.

Sai ki yi hattara da tsallakawa ɗaya gefen, don wanda ya gaji da a taka shi yakan wuce gona da iri. Alamominsa su ne yanke gaisuwa gaba ɗaya, umarni tsirara irin "a turo yanzu", alamar tambaya uku a jere, da jimloli masu ƙaya kamar "kamar yadda na sha faɗa" ko "ina fata wannan karon za a karanta". Waɗannan ba ƙarfin gwiwa ba ne, fushi ne ya sa riga. Haka kuma kada ki kwafi salon abokin aikinki harafi da harafi. Abin da ke sa a amsa masa ba gajartar ba ce kaɗai, mai yiwuwa yana faɗin abu da rana ne. Wannan za ki ɗauka, ki bar gaisuwarki da laƙabi yadda suke, tunda su ne muryarki kuma manyan sun san ki da su. In kin riƙe waɗannan, yawancinsu ba za su ma lura an cire wani abu ba. Za su dai ga saƙonki ya fi sauƙin amsawa.

Don ki san inda kike, buɗe akwatin saƙonnin da kika tura, ki rubuta "haƙuri" a wurin bincike, sannan "gafarce" da "afuwan". Ɗauki saƙonni 20 na baya-bayan nan, ki ƙirga nawa ne ke da ɗaya daga cikinsu, ki gwada kowanne da tambayoyin nan biyu. Waɗanda suka tsallake su ne haƙurinki na gaske, sauran sabo ne. Na tsawon mako biyu, rubuta saƙonki yadda hannu ya saba, kada ki yi faɗa da kanki a lokacin rubutu, amma kafin ki danna turawa ki koma jimlar farko da ta ƙarshe, domin a nan ban-haƙuri ya fi maƙalewa. Goge su ki karanta abin da ya rage a fili. In zai yiwu ki faɗe shi a gaban mutumin ba tare da kin ji kunya ba, to ya isa. Saƙonni ukun nan na wata-wata kuma ki ajiye su a matsayin samfuri, wata da rana kawai za ki riƙa canzawa, don kada ranar da kika gaji hannu ya koma gidan jiya.

Za ki san gyaran ya kama idan amsoshin suka sauya kama. "Ba komai, kar ki damu" za ta ragu, "ga ta nan" da "zuwa ƙarfe 11 insha Allah" za su ƙaru. In kuma wani shugaban sashe ɗaya ya ci gaba da yin shiru bayan wata biyu na saƙonni masu suna da rana da dalili, to matsalar ta tashi daga kan rubutunki. Ki haɗa ranakun da kika nema da ranakun da ya kawo a jadawali ɗaya, ki kai wa shugabarki, ita ta yi magana da shi a matsayinsu na tsara.